Jariran Ƙwayoyin Jini: Yadda Ake Gane Ɓargo Ya Karɓi Magani

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da tsawon rai. Kowace ɗaya takan yi kimanin kwana 120 tana zagaya jijiyoyi ɗauke da iskar da jiki ke buƙata, sannan ta tsufa, saifa da hanta su kawar da ita. Wannan na nufin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na jajayen ƙwayoyin mutum ne ke mutuwa kowace rana, kuma dole a sami madadinsu a ranar. Ɓargo ne ke wannan aiki. A jikin baligi, ɓargon da ke haifar da jini yana cikin ƙashin ƙugu da ƙashin baya da haƙarƙari da ƙashin ƙirji da kawunan manyan ƙasusuwan hannu da ƙafa, kuma yana fitar da sabbin ƙwayoyi sama da miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Ƙoda ce ke ba shi umarni: idan ta ji iskar da jini ke kawo mata ta ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna eritiropoyetin, wanda ke sa ɓargo ya ƙara himma.

Ƙwayar da ta fito daga ɓargo ba ta gama nuna ba. Ta riga ta jefar da cibiyarta, amma akwai sauran kayan aikin da ta yi amfani da su wajen haɗa himoglobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iska. Wannan saura yakan ɗauki kimanin kwana ɗaya kafin ya ɓace bayan ƙwayar ta shiga jini. A tsawon wannan kwana ɗaya sunanta ratikulosait, kuma jaririyar ƙwaya ce da ake iya bambanta ta da manya idan an rina jinin da rinin da ya dace. A jikin baligi mai lafiya, jariran ƙwayoyi sukan kama daga kashi 0.5 zuwa kashi 2.5 cikin ɗari na jajayen ƙwayoyi, gwargwadon ma'aunin ɗakin gwajin da ya yi aikin. Jariri sabon haihuwa nasa ya fi haka yawa a kwanakin farko, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Amfanin ƙidaya su bayan an fara maganin ƙarancin jini ya samo asali ne daga gajartar wannan lokaci. Awon himoglobin, ko awon PCV da aka fi sabawa da shi a asibitocin Nijeriya, yana nuna abin da ya taru a jiki cikin wata huɗu da suka wuce. Kamar hatsin da ke cikin rumbu ne: ko an fara girbi yau, sai an ɗauki lokaci kafin a ga rumbun ya tashi, amma mai tsayuwa a bakin gona yana ƙidaya damman da ake fitowa da su zai san tun ranar ko gonar ta yi kyau. Ƙidayar ratikulosait ita ce wannan tsayuwa a bakin gona. Tana faɗin abin da ɓargo ya fitar jiya da yau, don haka cikin mako guda take amsa tambayar da himoglobin ke buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin ya amsa sosai.

Yadda ake ƙidayar

Ana ɗiban jini daga jijiya a zuba a kwalbar da ke hana shi daskarewa, irin wadda ake amfani da ita wajen cikakken awon jini. A hanyar hannu, ma'aikacin ɗakin gwaji yakan gauraya 'yan ɗigon jini da kwatankwacinsu na wani shuɗin rini, ya ajiye gaurayen minti 15 zuwa 20 a ɗumin jikin mutum. Ana rina ƙwayoyin ne suna da rai, kafin su bushe, domin a haka ne rinin ke shiga ciki ya dunƙule sauran kayan aikin nan su zama ɗige-ɗige ko zare-zare shuɗaye masu kama da raga. Daga nan sai a shafa gaurayen a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a duba a madubin ɗakin gwaji. Ma'aikacin yakan ƙidaya jajayen ƙwayoyi 1,000, yana lura da nawa ne a cikinsu ke ɗauke da ragar. Idan ya sami 15, sakamakon shi ne kashi 1.5 cikin ɗari.

Manyan asibitoci suna da na'urorin da ke wannan aiki da haske: ana sa wani rini mai ƙyalli, ƙwayoyin su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken, na'urar ta ƙidaya dubbai masu yawa cikin ɗan lokaci. Sakamakonta ya fi na hannu daidaito nesa ba kusa ba. Amma hanyar hannu ba ta buƙatar komai sai rini da gilashi da madubi da ido mai haƙuri, kuma duk ɗakin gwajin da ke duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubi yana da kusan duk kayan aikin. Abin lura ne cewa duk da arharsa, ba kasafai ake rubuta wannan gwaji ga mai ƙarancin jini ba. An fi tsayawa a PCV kawai.

Tarkon da ke cikin kaso

A ɗauki misalin wata mace mai shekara 30, mai haihuwa biyar kusa da kusa, wadda ta zo asibiti wata huɗu bayan haihuwarta ta ƙarshe tana kukan jiri da kasala da bugun zuciya idan ta yi ɗan aiki. An auna ta: himoglobin giram 7 a kowace desilita, alhali na mace baliga marar ciki bai kamata ya gaza 12 ba, PCV kashi 21, ƙwayoyinta ƙanana ne, kuma sun koɗe, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe da ake kira ayon. Ratikulosait ɗinta kashi 1.5 ne. Wanda ya duba takardar cikin gaggawa zai ga lambar tana tsakiyar ma'aunin masu lafiya, ya ce babu matsala ta wannan ɓangaren.

Akwai matsala, kuma babba. Kaso yana dogara ne da abin da aka raba. Jajayen ƙwayoyin wannan mata sun ragu ƙwarai, saboda haka kashi 1.5 nata bai kai kashi 1.5 na mai cikakken jini ba. Ana gyara wannan da lissafi mai sauƙi, inda ake ɗaukar 45 a matsayin PCV na mai lafiya:

gyararren kaso = kason ratikulosait × PCV ÷ 45

A wurinta, 1.5 sau 21, a raba da 45, ya ba da 0.7. Sannan akwai gyara na biyu. Idan jini ya yi ƙaranci sosai, eritiropoyetin yakan tilasta wa ɓargo ya saki ƙwayoyi tun kafin lokacinsu, sai su daɗe a jini suna jarirai, kwana biyu ko fiye a maimakon ɗaya. Ƙwayar da ta kwana biyu da ragarta za ta shiga ƙidaya a matsayin aikin yau alhali jiya aka yi ta. Don haka ake sake raba gyararren kason da adadin kwanakin: 1 idan PCV yana wajen 45, 1.5 idan yana wajen 35, 2 idan yana wajen 25, 2.5 idan yana wajen 15. Na wannan mata, 0.7 a raba da 2, ya koma 0.35. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ma'aunin aikin ɓargo, inda 1 ke nufin aikin ɓargon mai lafiya a rana ta yau da kullum.

Ɓargon da ke da lafiya da isassun kayan aiki, idan ya tarar da jini ya faɗi zuwa giram 7, yakan ninka aikinsa sau uku ko fiye. Ma'aunin da ya gaza 2 a jikin mai ƙarancin jini yana nuna ɓargo bai amsa kiran ƙoda yadda ya kamata ba. Na wannan mata yana aiki ne ƙasa da rabin na mai lafiya a daidai lokacin da ake buƙatar ninki uku daga gare shi. Idan na'ura ce ta yi awon, takan ba da ainihin adadin jariran ƙwayoyi a kowace maikirolita ta jini, wanda ke kawar da buƙatar gyara na farko. Ita tana da jajayen ƙwayoyi miliyan 3.2 a maikirolita, kashi 1.5 nasu kuwa 48,000 ne. Mai lafiya yakan sami tsakanin kimanin 25,000 da 100,000, amma mai himoglobin 7 da ɓargo mai amsawa ya kamata ya wuce 100,000 da nisa.

Wannan awo na farko, kafin a haɗiyi ƙwayar magani ko ɗaya, shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Ba tare da shi ba, awon da za a yi bayan mako guda ba shi da abin kwatantawa.

Kwana takwas bayan fara magani

An ba ta ƙwayoyin ayon na sha, irin feros salfet da kowace ƙwaya ke ɗauke da kimanin miligiram 60 zuwa 65 na ainihin sinadarin. Abin da ke faruwa daga nan yana bin jadawali sananne, kuma jadawalin ya fito ne daga tsawon lokacin da ƙwaya ke ɗauka kafin ta girma a cikin ɓargo. Ayon ɗin da hanji ya tsotsa yau yana isa ga ƙwayoyin da ke tsakiyar girma, waɗanda ke buƙatar 'yan kwanaki kafin su jefar da cibiyarsu su fito. Shi ya sa a kwana biyun farko ba a ganin komai a jini. Daga kwana na 3 zuwa na 5 jariran ƙwayoyi sukan fara ƙaruwa. Sukan kai ƙololuwa tsakanin kwana na 7 da na 10, sannan su fara sauka a hankali.

A kwana na 8 aka sake ɗibar jininta. Ratikulosait ya kai kashi 8, PCV 23, himoglobin 7.6. Ƙarin da himoglobin ya yi bai taka kara ya karya ba. Bambancin da ke tsakanin awo da awo, ko yawan ruwan da ta sha a ranar, zai iya kawo kusan wannan. Da shi kaɗai aka duba, da ba wanda zai iya rantsuwa cewa maganin yana aiki. Ratikulosait kuwa ba ya barin shakka. Gyararren kaso shi ne 8 sau 23 a raba da 45, wato 4.1, idan aka raba da 2 kuma ya zama kusan 2. Aikin ɓargo ya tashi daga 0.35 zuwa 2, kusan ninki shida cikin kwana takwas.

Wannan sakamako guda ya tabbatar da abubuwa huɗu a lokaci ɗaya: ganewar likita daidai ce, ayon ne jikin ya rasa, matar tana shan maganin, hanjinta yana tsotsarsa, ɓargonta kuma lafiyayye ne, kayan aiki kawai yake jira. Bai kai ninki huɗu ko biyar ba, kuma ba a sa ran ya kai, domin ayon na sha yana da iyakar abin da hanji ke iya shigarwa a rana, kuma wannan iyakar ce ke tsayar da ɓargo a wajen ninki biyu zuwa uku.

Bayan mako uku himoglobin ɗinta ya kai 9.2, ratikulosait ya sauko zuwa kashi 4. Bayan wata biyu himoglobin 12, ratikulosait kashi 1.5, lambar da aka fara da ita, amma yanzu ma'anarta daban ce tunda PCV ya cika. Saukar jariran ƙwayoyi a daidai lokacin da himoglobin ke hawa labari ne mai daɗi: ƙoda ta ga iska ta wadata, ta sassauta umarninta. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce himoglobin ya ƙaru da kimanin giram 2 cikin mako uku zuwa huɗu, sannan a ci gaba da shan ayon wata uku bayan ya daidaita, domin a cika ma'ajiyar jiki. Ratikulosait ba ya faɗin komai game da wannan ma'ajiya. Awon feritin ne ke nuna ta.

Tsayin ƙololuwar yana tafiya ne da tsananin ƙarancin jinin. Mai himoglobin 6 ko 7 zai nuna hawa a fili. Mai himoglobin 10.5 na iya karɓar magani sosai ba tare da ratikulosait ɗinsa ya wuce kashi 2 ko 3 ba, don ɓargonsa bai sami matsin da zai sa shi gudu ba. A irin wannan ƙaramin ƙaranci gwajin ba shi da ƙarfin yanke hukunci, gara a jira himoglobin.

Inda amsar ta fi ƙarfi

A ƙarancin bitamin B12 da na folik asid ne ake ganin hawa mafi ban mamaki. A waɗannan cututtuka ɓargo cike yake maƙil da ƙwayoyi masu tasowa, sai dai ba sa iya rabuwa su kammala girma, yawancinsu a ciki suke mutuwa. Da zarar allurar B12 ta shiga, cikin kwana biyu kamannin ɓargon yakan gyaru, dukan waɗannan ƙwayoyi da suka maƙale su kammala kusan tare. Ratikulosait yakan fara tashi a kwana na 2 ko na 3, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana na 5 da na 8, kuma ga wanda jininsa ya yi ƙasa sosai yana iya wuce kashi 20.

Da wannan hawa ne aka tabbatar da maganin cutar tun farko. A shekarar 1926, a birnin Boston na Amurka, George Minot da William Murphy suka ciyar da majiyyata 45 masu wani ƙarancin jini da ke kisa a wancan zamani hanta mai yawa kullum, kuma tashin ratikulosait cikin kwanakin farko ne ya nuna musu cewa abincin yana aiki tun kafin jinin ya cika. Sun sami kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Shekaru da dama bayan haka, ana auna ƙarfin ruwan hantar da ake haɗawa domin allura ta hanyar ba majiyyaci a ƙidaya jariran ƙwayoyinsa, har zuwa 1948 da aka ware bitamin B12 kansa. A Bombay ta ƙasar Indiya ma, Lucy Wills ta bi irin wannan hanya wajen nuna, a 1931, cewa wani sinadari da ke cikin yis yana warkar da ƙarancin jinin masu ciki. Shi ne daga baya aka gane folik asid ne.

Wannan gudu na ɓargo yana da nasa haɗari. Sabbin ƙwayoyi masu yawa suna janye sinadarin fotasiyam daga ruwan jini, don haka a makon farko akan sa ido a kansa ga wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Suna kuma cinye ayon da sauri. Idan ratikulosait ya tashi da kyau sannan himoglobin ya tsaya a rabin hanya, sau da yawa ayon ne ya ƙare. Tarko mafi muni kuwa shi ne folik asid mai yawa yana iya tayar da ratikulosait a jikin wanda ainihin abin da ya rasa B12 ne. Jinin zai gyaru, likita da majiyyaci su yi murna, alhali lalacewar jijiyoyin laka da na ƙafafu tana ci gaba. A nan gwajin ya faɗi gaskiya game da ɓargo, amma bai tabbatar da ganewar cutar ba.

Idan ɓargo ya yi shiru

A koma ga matar nan, a ce a kwana na 8 ratikulosait ɗinta kashi 1.8 aka samu, wato bai motsa ba. Tambayar farko ita ce mafi sauƙi: tana shan maganin kuwa? Ƙwayoyin ayon suna kawo tashin zuciya da ciwon ciki da taurin bayan gida, suna kuma baƙanta shi, kuma mutane da yawa sukan ajiye su bayan kwana biyu ko uku ba tare da sun faɗa ba. Bayan gidan da bai canza launi ba yakan nuna cewa maganin bai shiga cikin ba. Wanda illar ta dame shi akan rage masa zuwa ƙwaya ɗaya a rana, ko ɗaya kowane kwana biyu. Tambaya ta biyu ita ce da me ake shan sa. Shayi da madara da maganin ƙwannafi duk suna rage abin da hanji ke tsotsa idan aka haɗa su da ayon a lokaci guda.

Idan an tabbatar tana sha yadda ya kamata, sai a koma ga ganewar cutar. Jikin da ke fama da daɗaɗɗen ciwo, kamar tarin fuka ko cutar ƙanjamau ko ciwon gaɓoɓi mai kumburi, yana sa hanta ta fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rufe ƙofar shigar ayon daga hanji, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki. Ƙwayoyin irin wannan majiyyaci suna iya yin kama da na mai ƙarancin ayon, amma ƙwayar magani ba za ta tayar da ɓargonsa ba sai an magance ciwon da ke ƙasa. Mai ciwon ƙoda kuma umarnin ne ba ya isa ga ɓargo, tunda ƙodar da ta lalace ba ta fitar da isasshen eritiropoyetin. Akwai kuma wanda ya rasa abu biyu tare, ayon da folik asid, abin da ke yawan faruwa ga mata masu ciki da masu haihuwa kusa da kusa. An ba shi ɗaya, ɗayan ya hana ɓargo tafiya. Idan duk waɗannan sun kau, musamman idan fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin daskarar da jini su ma sun ragu, to zargi yakan koma kan ɓargon kansa, kuma lokacin ne ake ɗibo shi da allura a duba.

Zazzaɓin cizon sauro yana da nasa hali. Yana fasa jajayen ƙwayoyi, kuma a lokaci guda yana danne ɓargo, shi ya sa yaron da zazzaɓin ya shanye wa jini sau da yawa ratikulosait ɗinsa ƙasa yake a ranar da aka kwantar da shi. Sai bayan magani ya kawar da ƙwayar cutar da 'yan kwanaki ne jariran ƙwayoyi ke tashi. Awon da aka yi ana tsakiyar zazzaɓi ba ya nuna iyakar abin da ɓargo zai iya.

Sakamako na uku da ake iya samu shi ne ratikulosait ya tashi ya zauna a sama, kashi 8 a mako na ɗaya, kashi 8 a mako na huɗu, himoglobin kuwa yana nan a 7. Ɓargo yana aiki iya ƙarfinsa, amma abin da yake fitarwa yana salwanta. Ko dai jini yana zuba, ta al'ada mai yawa ko gyambon ciki ko basir ko tsutsar hanji mai shan jini ko tsargiya, ko kuma ƙwayoyin suna fashewa kafin lokacinsu. Fashewa takan zo da shawara a ido da fitsari mai duhu, kamar yadda ake gani a masu ƙarancin sinadarin G6PD bayan sun sha wasu magunguna. Ga namiji baligi ko macen da ta daina al'ada, irin wannan sakamako yana wajabta binciken ciki da hanji, domin ciwon daji na iya zama mafarin zubar.

Ga masu amosanin jini kuwa ana karanta lambar ne ta wata fuska. Ƙwayoyinsu ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, don haka ratikulosait ɗinsu a sama yake kullum, sau da yawa kashi 10 ko fiye. Idan na irin wannan yaro ya faɗo ƙasa da kashi 1, lambar da ga wani ba komai ba ce, alama ce ta gaggawa: ɓargo ya tsaya, yawanci saboda wata ƙwayar cuta mai suna fabobairos B19, kuma jininsa zai zube cikin kwanaki kaɗan. Dawowar jariran ƙwayoyi bayan mako guda zuwa kwana goma ita ce shaidar farko cewa ɓargon ya farfaɗo. Mai shan haidiroksiyuriya kuma ana sa ran nasa ya ragu, tunda maganin yana rage fashewar ƙwayoyi, amma idan ya ragu fiye da kima tare da faɗuwar himoglobin akan dakatar da maganin na ɗan lokaci.

Iyakar gwajin

Kuskuren da ya fi yawa na lokaci ne. Awon kwana na 2 ya yi wuri, na mako na uku ya makara, domin ƙololuwar ta riga ta wuce. Wanda ya ga kashi 3 a kwana na 21 ba zai san ko an taɓa kai 8 ba. Ƙarin jini ma yana rikita lissafi. Ledar jinin da aka ƙara wa majiyyaci tana cike da manyan ƙwayoyi masu rage kason jarirai, kuma tana sa ƙoda ta sassauta, ɓargo ya lafa. Ratikulosait ɗin da bai tashi ba bayan ƙarin jini ba hujja ba ce cewa magani ya gaza, kuma saboda haka ake son ɗibar samfurin farko kafin a ɗaura ledar.

Ƙidayar hannu tana da raunin da ba laifin ma'aikaci ba ne. Idan ainihin kason ɗaya ne cikin ɗari, ƙwayoyi goma kacal ake sa ran gani cikin 1,000, kuma sa'a kaɗai na iya sa a ga biyar a wannan gilashi, a ga goma sha biyar a wancan. Saboda haka tashi daga kashi 1 zuwa 1.5 ba ya nufin komai, amma tashi daga 1.5 zuwa 8 ya fi ƙarfin sa'a. Gurɓataccen rini yana barin ɗige-ɗigen da ke kama da raga, haka ma wasu tabo da ke cikin ƙwayoyin mutumin da aka cire wa saifa, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kanta. Jinin da ya daɗe a kwalba cikin zafi kuma jariransa suna ci gaba da nuna, raga tana ɓacewa, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya; ana son a yi awon cikin 'yan sa'o'i, ko a ajiye samfurin a firji. Ya fi kyau a yi awon farko da na biyu a ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya.

Sabbin na'urori sun ƙara ma'auni biyu masu saurin nuna canji fiye da ƙidayar kanta. Na ɗaya shi ne yawan himoglobin da ke cikin kowace jaririyar ƙwaya, wanda ke fitowa a takarda da sunan Ret-He ko CHr gwargwadon na'urar. Idan ya gaza kimanin fikogiram 28 ko 29, ɓargo ba ya samun isasshen ayon a halin yanzu, kuma yakan tashi cikin kwana biyu zuwa huɗu bayan an ba da ayon ta jijiya, abin da ya sa ake yawan amfani da shi ga masu wankin ƙoda da ke karɓar allurar eritiropoyetin. Na biyu shi ne IRF, wato kason jariran da suka fi sauran ƙuruciya, masu raga mai kauri. Su ne ke fara bayyana idan ɓargo ya soma farfaɗowa bayan maganin ciwon daji ko dashen ɓargo, sau da yawa kwanaki kaɗan kafin jimillar ratikulosait ta motsa.